Silaid 96, takarda ɗaya

Ranar Talatar makon jiya bayan isha'i wani ƙanina ɗan garinmu ya same ni a ɗaki. Ɗan aji ɗaya ne, bana ya shigo. Ranar da zai taho Kudu mahaifinsa ya kira ni a waya ya ce, "Ga ƙaninka nan, amana." To ka san nauyin wannan kalmar. Ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, Juma'a muke da tes ɗin CHM 101, kuma wallahi na karanta wannan sau biyu, babu abin da ya zauna." Na duba, PDF ne na dokokin iskar gas, silaid 96.

Na ce ya bar min zuwa gobe, zan mayar masa da shi shafi ɗaya. Yadda aikin ya tafi nake so in ba ku labari, har da inda na kwafsa, ko wani zai amfana.

Da farko ban ɗauki biro ba. Na bi silaid ɗin daga farko har ƙarshe ina kallo kawai, don in ga ina lakcar ta dosa. Idan ka fara rubutu tun daga silaid na ɗaya, komai zai yi maka kama da muhimmi, kafin ka kai na ashirin takarda ta cika. A zagaye na biyu ne na rarraba su. Kusan ashirin taken babi ne da hotuna da tarihi, irin su hoton Robert Boyle da shekarar 1662 da aka buga dokarsa. Fiye da talatin misalan lissafi ne, kuma da na lura iri huɗu ne kacal ake ta sauya musu lambobi. Abin da ya rage shi ne naman.

Daga nan na nemo tambayoyin shekarun baya a wajen 'yan aji biyu. Su ne alƙalin abin da zai shiga takarda. Ban ga inda aka tambayi shekara ba, kusan duk lissafi ne da sharuɗɗan dokoki. Sai tarihi ya fita gaba ɗaya.

Babban abin da ya rage min aiki shi ne gano cewa dokokin da yaron nan yake haddacewa ɗaya bayan ɗaya 'ya'yan uwa ɗaya ne. Uwar ita ce PV = nRT. P matsi ne, V girman wurin da iskar ta cika, n yawan mol, T zafi, R kuma lamba ce da ba ta canzawa. Ka riƙe n da T kada su motsa, sai ya zama P sau V ba ya canzawa, dokar Boyle ke nan, P1V1 = P2V2. Ka riƙe n da P, sai ka samu dokar Charles, V1/T1 = V2/T2. Ka riƙe P da T, ka samu ta Avogadro. Silaid wajen talatin suka koma layi huɗu. Na rubuta uwar da manyan baƙaƙe a sama, 'ya'yan a ƙarƙashinta, na ƙara sauran abubuwa, na kai masa ina jin kaina.

Da la'asar ranar Laraba na ce bari in gwada shi. Na ba shi tambaya: iska ta cika lita 2 a zafin digiri 27 na Salshiyos, aka ɗumama ta zuwa digiri 54, matsi bai canza ba, lita nawa za ta cika yanzu? Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Lita 4, Yaya. Zafi ya ninka, ita ma ta ninka."

Gabana ya faɗi. Amsar lita 2.18 ce. A waɗannan dokokin T a ma'aunin Kelbin yake, wato sai ka ƙara 273 a kan Salshiyos. 27 ya zama 300, 54 ya zama 327. Ka ɗauki 2 sau 327 ka raba da 300, ka samu 2.18. Zafin bai ninka ba, kashi tara cikin ɗari kawai ya ƙaru. Kuma duk wanda ya saba da tes ɗin zaɓi ya san lita 4 za ta kasance cikin amsoshin, tana jiran mai gaggawa.

Na karɓi takardar na duba, babu inda na rubuta maganar Kelbin. Laifina ne. Ni a aji uku abin ya zame min jiki har na daina ganinsa, sai na yanke shi a matsayin abin da kowa ya sani. A nan na gane takardar bita ta mai karantawa ce. Abin da shi yake mantawa shi ya kamata ya samu wuri, ko da ni ina ganin ƙarami ne.

Sai muka sake ta tare, wannan karon shi ke riƙe da biro. Muka naɗe farar takarda gida huɗu. Gidan farko uwar da 'ya'yanta, kowace doka da abin da aka riƙe a gefenta, domin doka ba tare da sharaɗinta ba rabin doka ce. Gida na biyu na ma'auni: a ƙara 273 kullum, sannan R yana da fuska biyu, 0.0821 idan matsi a atm yake kuma V a lita, 8.314 idan matsi a Pa yake kuma V a m³. Gida na uku misali ɗaya cikakke daga kowane iri huɗun nan, har da wanda ya faɗi, ya rubuta 4 ya soke ta da jan biro. Gida na huɗu na abubuwan da uwar ba ta ba ka kai tsaye, kamar dokar Graham, da layi ɗaya cewa PV = nRT tana fara kuskure idan matsi ya yi yawa ko sanyi ya yi tsanani.

Ya so ya rubuta lita 22.4 na mol ɗaya ya haddace. Na ce ya ɗauki 0.0821 sau 273 tukuna. Ya danna kalkuleta, 22.4 ta fito. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ita ma 'yar gidan ce." Ya rubuta ta da sharaɗinta, digiri 0 da atm 1.

Ga yadda za ka gane takardarka ta yi. Ka rufe silaid, ka ɗauko tsofaffin tambayoyi goma, ka amsa da takardar kaɗai a gabanka. Duk inda ka koma waya, akwai abin da ka yanke da bai kamata ba. Duk layin da ba ka waiwaya ba har ka gama, ka tambayi kanka me yake yi a wurin. Idan kuma sai ka ƙanƙance rubutu kamar tururuwa kafin komai ya shiga, kwafe ka yi, ba ka taƙaita ba. Daren Alhamis ya kife takardar ya sake rubuta ta da ka, abu biyu kawai ya manta.

Abu ɗaya na ja masa kunne a kai: takardar nan ta kwana a ɗaki. Idan aka same ta a aljihunka a zauren jarrabawa, babu wanda zai tsaya jin cewa ta bita ce, satar amsa za a kira ta, kuma wannan kan iya raba mutum da makaranta.

Ya fito ranar Juma'a ya same ni a masallaci bayan an idar. Ya ce tambayar Salshiyos ta fito, da wasu lambobin, kuma ya ga tarkon a zaɓi na biyu ya wuce shi. Sakamako bai fito ba tukuna, ku sa shi a addu'a. Takardar yanzu tana yawo a hannun 'yan ajinsu, ni kuma na ce duk wanda ya karɓa ya zauna da silaid ya yi tasa, domin inda wannan ya yi tuntuɓe daban, inda wancan zai yi daban.

Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.