Share Ɗaki Daban, Rushe Shi Daban

Duk wanda ya daɗe yana aiki da Excel ya taɓa ganin `#REF!` ta cika masa takarda daga sama har ƙasa. Yawanci tana bayyana ne bayan an cire ginshiƙi, wato layin nan na tsaye mai ɗauke da harafi a kansa, kamar A ko B ko C. Mutane da yawa suna ɗauka cewa lissafinsu ne ya kuskure, alhali lissafin yana nan lafiya. Fomula ba ta riƙe lamba a cikinta, adireshin gurbin da lambar take kawai take riƙewa. Idan aka share abin da ke cikin gurbin, adireshin yana nan, sai dai ɗakin ya zama wayam. Idan kuwa aka cire ginshiƙin gaba ɗaya, an rushe ɗakin ne, kuma fomula ta rasa inda za ta nufa. Bahaushe ba ya haɗa shara da rusau, kuma Excel ma ba ya haɗa su.

A ɗauki malamin da ke tattara makin ɗalibansa a wani shafi mai suna `Maki`. Ginshiƙin A na sunaye ne, B na gwaji na farko mai maki 20, C na gwaji na biyu shi ma 20, D na jarrabawa mai maki 60, sannan E na jimla. Ɗalibar da ke layi na biyu ta ci 14 da 16 da 45, jimla 75. Malamin ya rubuta fomularsa kamar yadda ake tarawa a allo:

```
=B2+C2+D2
```

Daga baya sashe ya soke gwaji na biyu, sai malamin ya cire ginshiƙin C. Nan take jarrabawa ta matso ta zama C, jimla ta zama D, fomular kuma ta koma haka:

```
=B2+#REF!+C2
```

Akwai abin lura a nan. Excel ya bi jarrabawa zuwa sabon mazauninta, ya mayar da `D2` ya zama `C2`, domin ƙaura ta yi ba ɓacewa ba. Abin da aka rushe kaɗai ya kasa bi. Kuma kalmar `#REF!` ta shiga cikin fomular ta zauna daram, ta yadda ko da malamin ya saka sabon ginshiƙi a wurin ya sake cika makin, fomular ba za ta gyaru da kanta ba. Abin da ke dawo da ita shi ne `Ctrl+Z` tun kafin a rufe fayil, ko kuma a sake rubuta ta. Alamar `$` ma ba ta da magani a nan. Wasu suna zaton `$C$2` a kulle take, amma kullin yana aiki ne lokacin kwafar fomula zuwa wani gurbi, ba ya hana rusau.

Da malamin ya rubuta `=SUM(B2:D2)`, da bai ga kuskuren ba. Wannan fomula ba ta kiran gurbi ɗaya bayan ɗaya, tsakanin iyaka biyu take tarawa, don haka idan aka cire ginshiƙi daga ciki sai ta tsuke ta zama `=SUM(B2:C2)`. Ba ta karyewa sai an cire dukan ginshiƙan da ke cikin iyakar. Shi ya sa ake fifita ta, kuma fifikon yana bisa hanya. Sai dai ɗalibar nan da ke da 75 yanzu tana da 59, kuma 59 ɗin bisa 80 ne ba bisa 100 ba. Idan akwai wata fomula a gaba da ke yanke hukuncin ci ko faɗuwa a kan maki 50, za ta ci gaba da aikinta da tsohon ma'auni, ɗalibin da ya cancanci wucewa ya faɗi ba tare da wata alama ta fito a allo ba. Fomular ta tsira, amma ma'aunin sai mutum ya gyara shi da hannunsa.

Inda abin ya fi muni shi ne `VLOOKUP`. A ce akwai shafi na biyu da ke ɗauko makin jarrabawa na kowane ɗalibi ta hanyar sunansa:

```
=VLOOKUP(A2,Maki!A:E,4,FALSE)
```

Lambar 4 tana nufin ginshiƙi na huɗu, wato jarrabawa. Amma 4 lamba ce da aka buga da hannu, ba adireshi ba ce, saboda haka Excel ba ya taɓa ta. Bayan cire C, iyakar ta tsuke ta koma `Maki!A:D`, ginshiƙi na huɗu kuma ya zama na jimla. Sai fomular ta kawo 59 a matsayin makin jarrabawar ɗalibar da ta ci 45. Lambar ba ta wuce 60 ba, don haka ido ba zai zarge ta ba, kuma haka za a buga ta a takardar sakamako. Da jimlar ake nema da lamba 5, da `#REF!` ta fito, tunda babu ginshiƙi na biyar a iyakar yanzu. Ana gane irin wannan da cewa gurbin yana nuna `#REF!` amma idan aka duba fomular babu kalmar a cikinta. Duk da ɓacin ran da take jawowa, gara wannan ihun da shirun da ya kawo 59.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a daina ƙirga ginshiƙai, a nuna wanda ake so kai tsaye:

```
=INDEX(Maki!D:D,MATCH(A2,Maki!A:A,0))
```

`MATCH` tana neman layin da sunan yake, `INDEX` kuma tana ɗauko abin da ke wannan layi a ginshiƙin jarrabawa. Tunda `D:D` adireshi ne, idan aka cire C sai ya koma `C:C` da kansa, amsar ta ci gaba da zama 45. Idan kuma ginshiƙin jarrabawar ne aka cire, `#REF!` za ta fito, kuma daidai ne ta fito, domin babu fomular da ke iya ɗauko abin da babu shi. Mai amfani da Excel na Faransanci, kamar yadda ya yawaita a Nijar, zai tarar da `SOMME` da `RECHERCHEV` da `EQUIV` a madadin `SUM` da `VLOOKUP` da `MATCH`, da `;` a madadin waƙafi, amma `#REF!` ba ta canza suna.

Wata dabara da ta yaɗu ita ce a naɗe fomula cikin `IFERROR` domin ta nuna sifili idan an sami kuskure. A takardar maki wannan rufa-rufa ce kawai. Kuskuren yana nan, an dai sa masa rigar sifili, kuma sifili maki ne da ake iya rubuta wa ɗalibi.

Kafin a cire ginshiƙi, yana da kyau a danna ɗaya daga gurabansa, a shiga `Formulas`, a zaɓi `Trace Dependents`. Kibiyoyi za su nuna fomulolin da suka dogara da shi, har da ƴar alama idan a wani shafi suke. Idan sun yi yawa, kuma so ake kawai ginshiƙin ya bar gaban ido, `Hide` ta wadatar, sai dai a tuna cewa `SUM` tana tara abin da aka ɓoye. Ga malamin da aka soke wa gwaji, abin da ya fi dacewa shi ne ya adana kwafin fayil ɗin, ya cire ginshiƙin, ya binciki `#REF!` da `Ctrl+F` a dukan shafuka, sannan ya ɗauki ɗalibi ɗaya ya tara makinsa da alƙalami ya gwada da abin da allo ya nuna.