Ɓeran da ke Cikin Wayar Baba

Tun da na shigo makarantar nan, duk farkon wata nakan tsakuri naira dubu ɗaya daga kuɗin abincina in tura wa Baba kati a Sabon Birni. Wanda bai san yankinmu ba zai ce ai katin hira ne. Mu a wajenmu da shi ake tambayar ko hanyar Isa ta biyu yau, da shi maƙwabci yake kiran maƙwabci cikin dare idan an ji motsin babura. Waɗanda suka ga lokacin da aka katse sabis a yankin a 2021 sun san yadda rashin waya yake.

A zangon da ya wuce sai na lura Baba ya daina kirana, sai dai ya yi filashin. Da na tambaye shi sai ya ce, "Kai yaro, wagga waya shan kuɗɗi takai. Ko ban kira kowa ba sai in iske babu komi." Allah ya yafe mini, a raina ƙanina na zarga, don shi ke kai wayar wajen mai caji.

Abin ya daina zama wasa ranar da aka kwana da fargaba a unguwarmu. Baba ya so ya kira Gwaggo a Isa ya ce kada ta taso da safe, waya ta ce ba shi da kuɗi, alhali sati biyu ke nan da na tura dubu. Sai da ya buga ƙofar maƙwabci ya ari waya. Da na je hutu, kafin in ajiye jaka na karɓi wayar na shiga akwatin saƙonni.

Nan na ga ɓeran. Saƙonni ne na Turanci jere, kowane yana cewa an sabunta rajistarsa. Baba ajami yake karantawa, don haka bai taɓa sanin abin da suke faɗa ba. Abu uku ne: wani wasan kacici-kacici na naira 20 kullum, labaran ƙwallo na naira 50 duk sati, da waƙar da mai kira ke ji ta naira 100 a wata. Na buga lissafi: 600 da 200 da 100, naira 900 ke nan a wata. Cikin dubun da nake hana cikina, ɗari ɗaya kacal ke zama ta magana. Mutumin da bai san sunan ko ɗan ƙwallo ɗaya ba, wata uku yana biyan kuɗin labaran ƙwallo.

Ta yaya ya shiga? Ya ce wani rubutu yakan faɗo kan fuskar wayar, shi kuma ya danna maɓallin tsakiya don ya kau da shi. Wannan dannawar ita ake lissafawa a matsayin amincewa. Daga nan rajistar ba ta ƙara neman izini, sabunta kanta take yi. Ko layin ya bushe ba lallai ta mutu ba, takan ci gaba da gwadawa, kati na shiga ta cire nata. Ga alamar da za ku gane ta: ku duba kuɗinku da *310# da dare, ku sake dubawa da safe ba tare da kun kira kowa ba, data kuma a kashe. Idan ya ragu da adadi iri ɗaya kwana biyu a jere, rajista ce. Amma ku fara tabbatarwa ba bashin kati aka ci ba, don shi ma da an sa kati ake cirewa, kuma wannan ba a mayarwa.

Kuskurena na farko shi ne na tura STOP zuwa 2442 na miƙe ƙafa. Wannan lamba ta hana saƙonnin talla ce, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa kamfanoni su samar a 2016. Tana rufe ƙofa ga sababbin masu talla, amma ba ta korar wanda ya riga ya shigo ɗaka. Washegari aka sake cire naira 20.

Lambar da ta yi aikin ita ce *305#, ɗaya daga cikin lambobin bai-ɗaya da dukkan layukan Najeriya suka koma amfani da su a 2023. Tsarin jerin da take buɗewa ya danganta da layinku, amma ta nan ake ganin rajistocin da ke kan layi a soke su. Na soke ukun ɗaya bayan ɗaya, kowane na jira saƙon tabbaci ya shigo. Idan saƙon bai zo ba, kada ku ɗauka an soke.

Sokewa daban, dawo da kuɗi daban. Kafin in kira kowa, na ɗauki hoton saƙonnin da wayata, na rubuta sunan kowace rajista da ranakun da aka cire da adadin. Sannan na kira 300, lambar kula da abokan hulɗa, da layin Baba, shi kuma yana kusa don amsa tambayar tantancewa. Ma'aikaciyar ta ce mai layin ne ya yi rajista da kansa. Ban yi faɗa ba. Na ce a nuna mini rana da lokaci da hanyar da ya amince, na ce mutumin ba ya karanta Turanci, sannan na nemi lambar ƙorafi. Wannan lamba kada ku kashe waya ba ku rubuta ta ba.

Sati ya wuce shiru. Sai na kira 622, layin ƙorafi na NCC, wanda kyauta ne. Shi ba a fara zuwa wajensa, sai kun kai kuka ga kamfaninku ba a share muku hawaye ba, kuma lambar ƙorafin nan za a tambaye ku. Bayan wasu kwanaki naira 900 ta dawo layin Baba a matsayin kati. Cikin kusan 2,700 ke nan. Na wata biyun farko ban iya kare su ba, don ƙanina ya goge tsofaffin saƙonni lokacin da akwatin ya cika. Ni ma da laifina: wata uku Baba yana kuka, ni ina zargin yaro.

Mu masu manyan wayoyi ma kada mu yi wa tsofaffi dariya. Duk wanda ya taɓa sa katin banki a manhajar da ta ce gwaji kyauta na kwana bakwai, tarko ɗaya ne. Goge manhajar ba ya soke rajistar. Sai kun shiga Play Store, kun taɓa hotonku, kun bi Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, kun danna Cancel subscription. Idan an riga an cire, ku nemi a mayar cikin awa 48, don bayan nan abin yakan koma hannun mai manhajar.

Ran da zan dawo Sakkwato, na nuna wa Baba jan maɓalli na ce duk rubutun da ya faɗo, shi zai danna. Ƙanina kuma na ba shi haƙuri, na ba shi aiki: duk Juma'a ya buga *305#, kuma kada ya ƙara goge saƙo sai ya karanta mini. Daren jiya Baba ya kira ni da kansa, muka yi minti shida. Ya ce gero ya yi kyau, Gwaggo kuma ta iso lafiya.