Farashin Wace Rana? Yadda Ake Neman Rarar Canji a Banki

Duk wanda ya biya kuɗin dala da katin naira ya yi ciniki biyu a lokaci ɗaya: ya sayi abin da yake so, ya kuma sayi dala a hannun bankinsa. Ciniki na biyun ne ba a cika dubawa ba, alhali a can kuɗi ke zurarewa.

Wata likita a Kano ta biya dala 400 na rajistar jarrabawa ranar Juma'a. Farashin da bankinta ya sanar a ranar naira 1,520 ne, don haka aka riƙe naira 608,000 a asusunta. Ranar Talata sai ga saƙon an ƙara cire naira 20,000. Da ta raba jimillar naira 628,000 gida 400, ta ga an sayar mata da kowace dala a kan 1,570. Kuɗin ba ƙarami ba ne a aljihun mai albashi, ga shi sauran jarrabawa biyu a gabanta.

Zuciyarta ta raya mata ta nemi dubu ashirin ɗin duka, amma sai ta fara karanta sharuɗɗan katin. A nan ta fahimci cewa biyan kati mataki biyu ne. Ranar farko riƙe kuɗin kawai ake yi, sai bayan 'yan kwanaki a kammala biyan, kuma sharuɗɗan sun ce farashin ranar kammalawa ne abin lissafi. Ta binciko sanarwar bankin ta ranar Talata, ta tarar 1,535 ce. Ke nan naira 614,000 ya kamata a cire, haƙƙinta kuwa naira 14,000 ne. Sauran dubu shidan motsin kasuwa ne, ba ta da ta cewa a kansu.

Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan ƙorafin. Da ta kafa hujja da farashin 'yan canjin Wapa ko na Babban Bankin Nijeriya, da an sallame ta da jimla ɗaya, domin banki bai yi alkawarin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ke ɗaure shi shi ne farashin da ya sanar da bakinsa.

Takardarta ba ta wuce rabin shafi ba. Ta kawo lambar cinikin, ranakun biyu da lissafin, ta haɗa da rasidin dala da hoton sanarwar. Ta nemi a bayyana mata a rubuce farashin da aka yi amfani da shi, a ware shi daga duk wani kuɗin hidima, sannan a mayar da rarar asusunta. Ta kuma karɓi lambar ƙorafi, domin da ita ake ɗaukaka magana zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin idan aka yi shiru.

Ba a kai ga haka ba. Bayan kwana goma sha ɗaya, naira 14,000 suka shigo asusunta.