Lambar da ke cikin zobe: abin da hoto zai iya gaya miki

Uwargida, cinikin gwal yanzu ya koma waya. Kina zaune a Rikkos ko Unguwar Rogo, sai dillaliya ta turo miki hoton zobe, ta ce ɗan Dubai ne, mai shi kuɗin makarantar yara ya matse ta. Ni da aikina kullum karanta ƙananan rubutu ne a jikin kwalin magani, idona ba ya zuwa kan ƙyalli. Nakan ce a juya zoben a ɗauko min cikinsa, a hasken rana, ba tare da fitilar waya ba, domin fitilar tana wanke rubutun.

Lamba uku za ki nema. Tana nufin kason zinare zalla a cikin dubu. Idan kin ga 750, kashi uku cikin huɗu zinare ne, wato karat 18, sauran kuwa jan ƙarfe ne ko azurfa da aka haɗa don ya yi ƙwari. Lamba 875 ita ce karat 21, wadda ta fi yawa a kayan Saudiyya, 916 kuma karat 22. Idan 585 ce, karat 14 ke nan, zinaren ya ɗan haura rabi kawai. Kayan Italiya sukan zo da ƙarin tambari: ɗan tauraro, da lambar maƙerin, da haruffa biyu na lardinsa, kamar AR na Arezzo.

Inda mata suka fi faɗawa shi ne haruffan da ke biyo bayan lambar. Zoben da aka rubuta wa 18K GP ba gwal ba ne. Wani ƙarfe ne aka yi wa wankan ruwan zinare, kuma 18 ɗin na wankan ne kaɗai. Haka GEP da HGE. Zobe ruwan ɗorawa mai ɗauke da 925 kuwa azurfa ce aka shafe, don haka kuɗin azurfa ya kamata ki biya. Idan yatsan mai riƙe da zoben ya rufe gefen lambar a hoto, ki ce a sake ɗauka.

Bari mu yi lissafi. An ce miki zoben giram huɗu ne, lambarsa 750. Zinaren da ke ciki giram uku ne cif. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi kawai, giram ɗaya na zinare zalla naira dubu ɗari ne: ƙarfen ya tashi naira dubu ɗari uku. Da 875 ne, giram uku da rabi ne, dubu ɗari uku da hamsin. Da 585 ne, dubu 234. Ki sa ainihin farashin ranar a gurbin nawa, domin yana bin dala. Abin da ya hau kan wannan kuɗin aiki ne da riba, kuma ranar da za ki sayar ba za a mayar miki da shi ba. Idan zoben mai duwatsu ne, nauyinsu ma za a cire.

To amma hoto ba ya auna nauyi, kuma tambari magana ce kawai da wani ya buga. A kantin magani mun san cewa mai jabu ma yana iya buga lambar NAFDAC a kwalinsa. Ɗan ƙarfen buga 750 bai fi ƙarfin maƙerin jabu ba. Shi ya sa nake ganin amfanin hoto shi ne ya hana ki ɓata kuɗin mota. Idan ya nuna GP, magana ta ƙare. Idan ya nuna 750, sai ku haɗu wurin mai gwal a Taminus, a ɗora a sikeli a gabanki, ya goga zoben a baƙin dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid. Ki roƙa ya goga sosai, don kada wankan sama kaɗai ya gwada. Maganaɗisu yana kama mai baƙin ƙarfe a ciki, amma tagulla takan wuce shi lafiya lau.

Wasu sai bayan wata guda suke zuwa wurina da yatsa. Idan ya yi kore, jan ƙarfe ne ya haɗu da gumi, ba cuta ba ce, sabulu zai wanke shi, sai dai alama ce da ya kamata ta mayar da ke wurin mai gwaji. Ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje daidai zagayen zoben kuwa sau da yawa ƙarfen nikel ne, wanda yake fitowa idan wankan ya goge. Kada ki yi saurin zargin dillaliya da wannan kaɗai: farin gwal na gaske ma yakan ƙunshi nikel, kuma a hunturun Jos, sabulun da ya maƙale ƙarƙashin zobe yana iya cinye busasshiyar fata. Ki cire zoben, ki riƙa shafa man kaɗanya ko basilin. Idan mako ya wuce bai lafa ba, ko wurin ya fara ruwa, ki je a duba ki, ki tafi da zoben a jaka.