Ba Kowane "Ma" Ba Ne Ɗafa-goshi

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna a darasin Hausa ya san ɗafa-goshin nan "ma-". Ana manna shi a gaban aikatau sai ya haifar da suna. Idan ya hau kan noma, a samu manomi, wato mai yin aikin. Idan ya hau kan buɗe, a samu mabuɗi, wato abin da ake yin aikin da shi. Idan kuma ya hau kan karanta, a samu makaranta, wurin da ake yin aikin. Ma'anoninsa uku ke nan: mai yi, abin yi, da wurin yi.

To amma akwai kalmomi da yawa da suka fara da "ma" alhali ba ruwansu da wannan ƙa'ida. Tun farkon zangon nan na ware shafukan ƙarshe na littafina ina tara su, saboda malaminmu ya ce yana son tambayar da za a jero kalmomi huɗu a ce ka fitar da bare, kuma ni ba na son maki ya kuɓuce mini a kan abin da nake faɗa kullum a gida.

Wasu ba su da wahala. Ka cire "ma" daga mage, sai a bar ka da "ge". Ka cire daga mako, sai "ko". Babu wani aiki da ake kira haka, don haka magana ta ƙare. Manja da mangyaɗa kuwa daga mai suka fito, man ja da man gyaɗa ne aka haɗe. Waɗannan ko ƙanina na firamare ba za su ruɗe shi ba.

Masu ruɗarwa su ne waɗanda idan ka cire "ma" za ka tarar da kalmar Hausa ta gaskiya tana jiranka. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce maraya. Cire "ma", sai ga raya, kamar a raya gari ko a raya sunna. Da ƙa'ida ta yi aiki, da maraya na nufin wanda yake rayarwa. Amma kowa ya san maraya shi ne yaron da ya rasa mahaifi, wanda shi ne ma yake bukatar a kula da shi. A nan na gane cewa cire "ma" kaɗai bai isa ba, dole a tambaya ko ma'anar ta haɗu da aikin.

Akwai kuma gwaji na biyu, wanda ni na fi yarda da shi. Sunan mai yin aiki yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Namiji yana ƙarewa da "i", mace da "iya", jam'i kuma da "a". Manomi, manomiya, manoma. Mawaƙi, mawaƙiya, mawaƙa. Maɗinki, maɗinkiya, maɗinka. Sai mu sa maraya a wannan awo. Namijin ya ƙare da "a" maimakon "i". Macen marainiya ce. Jam'in kuma marayu. Ko ɗaya bai zauna daidai ba, saboda haka na rubuta shi cikin bare ba tare da shakka ba.

Masara ta jawo gardama tsakanina da wadda muke zama benci ɗaya. Ita ta ce daga sara ne, tunda ana sare karanta idan ta nuna. Na ce mata ai dawa da gero ma ana sare su, me ya sa masara kaɗai za ta ɗauki sunan? Sannan na ce ta saurari bakinta. A sara muna jan "sa" ɗin, amma a masara gajere ne. Ɗafa-goshi ba ya gajarta wannan wasalin: yadda muke jan "du" a duba, haka muke jan sa a madubi. Da na kai maganar gida, kakata ta ce ita dai ta taso ta ji manya suna cewa dawar Masar, wato sunan ƙasar ne ya manne wa hatsin. Ƙawar tawa ta ce kaka ba ƙamus ba ce, amma har yau ba ta kawo amsar batun wasalin ba.

Wani rukunin kuma baƙi ne da suka shigo daga wasu harsuna da "ma" ɗinsu. Makanike mutum ne mai sana'a, kamar maƙeri, har ka ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Amma maƙeri yana ƙera abu, makanike fa? Ba wanda yake "kanike" mota. Daga Turanci kalmar ta zo ɗungurungum, haka ma manaja da masinja da majistare. Jam'insu yana tona musu asiri, domin muna cewa makanikai da manajoji da masinjoji. Malam ma haka yake. Shi daga Larabci ne, mu'allim, shi ya sa muke cewa malama da malamai. Idan kana son ɗan gida mai wannan ma'ana, ga makoyi nan, sai dai shi ɗalibin ne.

Majalisa ta fi su wayo. Wuri ce, ta fara da "ma", ta ƙare da "a", tamkar marina ko majema. Marina wurin rini ne, majema wurin jima, amma babu aikatau "jalisa" a Hausa. Malaminmu na Islamiyya ya bayyana mini cewa daga majlis ne, kuma a Larabci jalasa na nufin ya zauna. Ashe su ma Larabawa suna da nasu "ma" na wuri, irin wanda ke cikin masjid. Ke nan majalisa tana da ɗafa-goshi, amma ba na Hausa ba ne, da kayanta ta zo.

Sai dai a yi hattara kada a kori ɗan gida don ya sauya kama. Wani lokaci harafin ƙarshe na aikatau yana canzawa idan "i" ta biyo shi. Rubuta ta ba mu marubuci, "t" ta koma "c", amma a jam'i ta dawo, marubuta. Wanda ya fi burge ni shi ne maciji. Cire "ma", ka samu "ciji", kamar a ce ya ciji yaro. Daga ciza ne, "z" ta koma "j", kuma tana dawowa a macizai. Wato maciji shi ne mai cizo. Sau nawa muke faɗar kalmar nan ba mu lura ba!

Ga guda huɗu na bar muku: makami, maraice, matashi, madara. Biyu daga ciki suna da ɗafa-goshi, biyu babu. Duk wanda ya raba su, ya rubuta aikatau ɗin da ya samo a takarda ya miƙa wa 'yan kulob kafin ranar Juma'a.