Kuɗin tallar da na kashe wa waɗanda dama za su zo

Ina da shagon atamfa da shadda da leshi a Azare, kuma shekaru da dama ban san wata dabarar talla ba face guda: azumi ya kai tsakiya, in ɗauki kuɗi in kai gidan rediyo a yi ta kiran sunan shagona. Wata shekara na ware naira dubu 200, dubu 150 ga rediyo, dubu 50 kuma wani yaro ya tallata min hotunan kaya a Facebook. Goman ƙarshe shago ya cika, na ce talla ta yi aiki. Sai bayan salla, da na zauna lissafin abin da zan kai Kantin Kwari in saro sabon kaya, na tarar ribar ba ta wuce ta bara ba, ga kuɗin talla sun tafi.

Laifin ba na rediyo ba ne, nawa ne. Na ɗauki duk mai shigowa shago a matsayin mutum iri ɗaya, alhali littafin ciniki da na bashi suna gabana, ban taɓa karanta su don sanin mutane ba, sai don sanin wa nake bi.

Na ɗauko littattafan shekara guda, na yi wa kowane mai suna layi, na yi masa tambaya uku: yaushe rabonsa da sayayya, sau nawa yake zuwa, kuma nawa nake samu a kansa. Masana kasuwanci sun daɗe da wannan awo, manyan kamfanoni na yinsa da kwamfuta, amma biro da takarda sun wadatar da mai ƙaramin shago. A tambaya ta uku na kusa sake yin kure, domin da farko kuɗin ciniki na rubuta. Riba ce ya kamata a rubuta, bayan an cire ragin da aka yi da bashin da bai dawo ba. Akwai mutumin da cinikinsa ya fi na kowa, amma da na cire wata huɗu da yake riƙe min kuɗi, sai ya sauko tsakiyar jeri.

Mutanena suka rabu gida huɗu. Akwai 'yan salla, waɗanda ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara su sayi turmi guda bayan doguwar tayawa. Akwai teloli da dillalai mata masu shiga gidaje da kaya, waɗanda ba sa wuce sati biyu ba su leƙo ba. Akwai 'yan sari daga Gamawa da Giyaɗe da Itas da ƙauyukan Zaki, masu zuwa ranar kasuwa, waɗanda hannunsu ke buɗewa da kaka in an sayar da riɗi da wake. Sai masu haɗa lefe, da za su zo sau ɗaya su kwashi kaya mai yawa, ba za ka sake ganinsu ba sai wani bikin.

Ga lissafin da ya kunyata ni. Ɗan salla yana sayen turmin dubu 20, in samu kamar naira 2,500. In ya zo salla biyu, dubu biyar ke nan a shekara. Tela kuwa yana ɗaukar kayan dubu 60 a wata, ribata a kansa kashi goma cikin ɗari ce kawai saboda farashin sari nake ba shi, amma dubu shida a wata ta zama dubu 72 a shekara. Tela ɗaya ya fi 'yan salla goma sha huɗu. Kafin dubu 200 ɗin nan su dawo, sai tallar ta kawo min ciniki tamanin wanda da ba don ita ba ba zai zo ba. Amma ana gobe salla kowane shagon tufafi a Azare cike yake, da mai talla da marar talla. Na biya kuɗi ne don in kira mutanen da suna kan hanya.

Abin da ya fi ciwo yana cikin tambaya ta farko. Cikin teloli da dillalai, kusan goma sun yi wata uku ba su zo ba, ni kuma ban lura ba saboda hayaniyar salla ta rufe min ido. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, dalilan ƙanana ne. Wani ya ce ya zo neman wani launin shadda sau biyu babu, ya koma inda ake kiransa in kaya sun sauka. Wata dillaliya ta ce, “Alhaji, ni hoto nake so tun kafin ka kwance dila, in nuna wa matan gida su zaɓa.” A nan na gane cewa rabon mutum da shago ba a auna shi da ma'auni ɗaya. Mai lefe ya shekara bai zo ba, ba komai. Telan da ya saba zuwa duk sati biyu, in ya yi wata ɗaya da rabi, to wani ya ɗauke shi ko yana gab da ɗaukewa.

Shekarar da ta biyo baya na raba kuɗin bisa tambayar ina naira ɗaya za ta canza halin mai saye. Kaso mafi girma ya tafi ga teloli da dillalai: data da katin waya don tura hotuna ta WhatsApp ranar da kaya suka iso, kiran duk wanda ya wuce lokacinsa, da ɗan alheri ga telan da ya turo mai lefe. Masu lefe ba rediyo ke kawo su ba, bakin tela da na gwaggon da aka damƙa wa sayayya ne. 'Yan sari na ware musu nasu kason da kaka, ba da azumi ba, kuma a nan ne rediyo ta yi rana, domin a ƙauye ana sauraronta, kuma saƙon ya faɗi ranar kasuwa da farashin sari ƙarara. 'Yan salla kuwa allo a bakin shago da kaya masu kyau a rataye sun ishe su.

Don kada in sake yaudarar kaina da cikar shago, na ƙara abu biyu. Duk baƙuwar fuska yaron shago zai tambaye ta a ina ta ji labarinmu, ya rubuta a gefen ciniki. Sannan in zan gwada sabon saƙo, rabin mutanen rukunin nake tura wa, in bar rabi, bayan wata guda in kwatanta cinikinsu. In babu bambanci, kuɗin sun tafi a banza ko da ciniki ya ƙaru, domin wataƙila albashi ne ya shigo ko lokacin biki ne.

Hanyar tana da iyakarta. Mai biya hannu da hannu ya tafi ba ya barin suna, don haka littafi ya fi sanin masu bashi da masu tura kuɗi ta waya. Sunan da ke rubuce ma ba kullum ne na mai zaɓe ba: maigida ne ya biya, amma uwargida ce ta zaɓi zanen, kuma ita ta hannun dillaliya ake isa gare ta. Lambar waya kuma sai da yardar mai ita, kuma wanda aka dama da saƙo kullum toshe ka zai yi. Rukunin ma ba ya zama daram, shi ya sa duk bayan wata uku nake sake bin jerin, in ja layi ƙarƙashin sunan duk wanda ya wuce lokacin zuwansa, in kira shi kafin in kashe ko sisi a kan baƙo.