Daga Kujama Zuwa Layin 'Yan Gwal: Yadda Ake Cinikin Tsohuwar Zinariya

Duk wanda ya bar Kaduna ta Sabon Tasha, ya bi hanyar Kachia, ya wuce matatar mai da Mararrabar Rido, zai iske garin Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani da wasu ƙabilu ke zaune tare. Motocin da ke zuwa Kachia da Zonkwa da Kafanchan duk ta nan suke ratsawa.

A nan, kamar sauran garuruwan da ke kan wannan hanya, mata da yawa ba su da wata ajiya da ta wuce 'yar sarƙa da 'yan kunnen da aka sa musu a lefe, ko waɗanda suka gada. Ba a taɓa su sai ta ɓaci, watau sa'ad da damina ta kama babu taki, ko an kwantar da yaro a asibiti. Mai sayarwa cikin irin wannan hali kuwa takan yi gaggawa, gaggawar nan ita ce ke cinye mata kuɗi.

A ɗauki misalin wata mata a Kujama mai sarƙa ɗaya da 'yan kunne masu duwatsu. Wani mai yawon sayen tsohon gwal ya zo har ƙofar gida, ya jinjina kayan a tafin hannu, ya ce ya saya Naira 1,100,000. Kuɗin ya yi mata yawa a kunne, domin ya ninka abin da aka saye su shekarun baya. Amma ba ta sallama ba. Kashegari ta shiga mota zuwa babbar kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta nemi wurin masu gwal.

Abu na farko da ɗan gwal zai yi shi ne awo. A da da miskali ake auna zinariya a ƙasar Hausa, wanda ya ɗan ɗara giram huɗu, amma yanzu da giram ake yi a kan ƙaramin sikeli mai nuna lamba. Kayan matar nan sun ba da giram 12. Sai mai shago ya ce zai cire giram uku na duwatsu, domin shi zinariya yake saye, ba gilashi ba. Cire nauyin duwatsu ƙa'ida ce, amma ƙiyasi da ido ba ƙa'ida ba ne. Da aka ɓamɓare duwatsun a gabanta aka auna, giram biyu suka tashi, saura giram 10. Lalle ne mai sayarwa ta ga sikeli yana kan sifiri kafin a ɗora kaya, ta kuma karanta lambar da idonta.

Abu na biyu shi ne gwaji, don a san yawan zinariyar da ke cikin ƙarfen. Tsantsar zinariya ita ce karat 24, amma tana da laushi ƙwarai, saboda haka maƙera kan gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Karat 22 yana nufin kashi 916 cikin 1,000 zinariya ce, karat 21 kashi 875, karat 18 kuwa kashi 750. Waɗannan lambobi su ne ake bugawa a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe. Sarƙar matar nan 875 aka buga mata, irin wadda alhazai kan sayo daga Saudiyya.

Sai dai ɗan gwal ba ya dogara da tambari, tun da shi ma ana yin na jabu. Zai fara kara mayen ƙarfe. Zinariya ba ta bin sa, amma jan ƙarfe da tagulla ma ba su bi, don haka wannan gwaji bai isa ba. Sa'an nan zai goga kayan a kan wani baƙin dutse har su bar zane, ya ɗiga ruwan asid wanda aka haɗa daidai da karat ɗin da ake nema. In zanen ya tsaya, kayan sun kai wannan karat. In ya dushe, ba su kai ba. Idan ana zaton ruwan gwal kawai aka shafa a bisa, sai a ɗan kankare wani wuri ɓoyayye a ɗiga asid, in ya yi kumfa kore, to ciki jan ƙarfe ne ko tagulla.

A nan ne ake yawan ƙwaruwa. Wurin da aka yi wa sarƙa liƙi ko gyara sau da yawa karat ɗinsa bai kai na sauran jikinta ba. In mai saye ya goga wurin liƙin kaɗai, zai ce kayan duka karat 18 ne. Haka aka fara gaya wa matar nan. Ta ce, "Alhaji, a ƙara gogawa ta tsakiya mana." Da aka gwada wuri uku, zanen ya tsaya, aka amince karat 21 ne.

Abu na uku shi ne farashin ranar. Ana yanka farashin zinariya a kasuwannin duniya da dalar Amurka a kan oza ɗaya, watau giram 31.1. A watan Maris na 2025 oza ta haura dala 3,000, a watan Oktoba na shekarar ta haura 4,000. Har wa yau, tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 canjin dala ya tashi ƙwarai. Shi ya sa wadda ta riƙe tsohon farashi a ka take ganin kowane tayi alheri ne.

Don sauƙin lissafi, a ce giram ɗin karat 24 yana Naira 200,000 a ranar. Karat 21 zai kama Naira 175,000, giram 10 ke nan Naira 1,750,000. Da ta yarda karat 18 ne, giram zai dawo Naira 150,000, ta yi asarar Naira 250,000. Da kuma an cire mata giram uku maimakon biyu, wata Naira 175,000 ta tafi.

Duk da haka babu mai biyan ta 1,750,000 cif. Mai saye zai cire ladansa da abin da zai ragu wajen narkarwa. Kuɗin ƙira da aka biya ranar saye shi ma ba ya dawowa, sai fa in kayan na yayi ne da za a wanke a sake sayarwa. A wannan gaɓa kaɗai ciniki yake. Shago na farko ya taya 1,600,000, na biyu 1,630,000, na uku 1,660,000. Ta sallama a na uku, ba ta kuwa saki kaya ba sai da kuɗi suka shiga asusunta na banki. Tsakanin wannan da tayin ƙofar gida akwai Naira 560,000.

Saboda haka duk mai niyyar sayarwa, daga Kujama ne ko Kachia ko Kafanchan, ta nemo rasit ɗin kaya in yana nan, domin yana nuna nauyi da karat, yana kuma kawar da zargin kayan sata. Ta ware kowane karat dabam, kada a haɗa 21 da 18 a biya ta da farashin ƙarami. Ta tafi da wani wanda ta amince da shi, kada kuma ta yarda a shige da kaya ciki ko a narkar da su kafin a daidaita. Tambayar da za ta fara yi a kowane shago ita ce: nawa ake sayen giram na karat 21 yau?